Dozajin asid mai ƙarfi da baz mai ƙarfi ta hanyar kondiktimeta: yadda ake karanta karyewar kurbu

Taƙaitawa

Wannan takarda ta shafi aikin gwaji guda ɗaya na shekarar farko: auna kaurin asid kiloridirik (HCl) da ruwan sud (NaOH), ana bin canjin kondiktibite. Mun nuna cewa ba a karanta wurin daidaito a kan ɗigo mafi ƙasa na kurbu, ana samun shi ne a mahaɗar miƙaƙƙun layuka biyu. Mun bi misali ɗaya da lissafinsa, sannan muka duba abubuwan da ke gusar da mahaɗar da kuma alamun da kurbu kanta ke bayarwa in haka ta faru.

1. Matsalar

A rahotannin aikin gwaji da muke gyarawa akwai kuskure ɗaya da ke dawowa kowace shekara. Ɗalibi ya yi awo da kyau, ya cika tebur ɗinsa, ya zuba ɗigogi a kan takarda mai milimeta, sai ya nemi ɗigon da ya fi kowane sauka ya zagaye shi, ya rubuta cewa nan ne daidaito. Wani kuma yakan haɗa ɗigo da ɗigo da hannu kamar mai ɗinki, ya karanta gindin abin da ya fito. Duka biyun sun zubar da mafi yawan aikin da suka yi, domin awo goma sha ɗaya suka ɗauka amma da ɗaya suka yi hukunci. Kuskuren da ke biyo baya yakan kai kashi 4 cikin 100 ko fiye, alhali kayan da ke gabansu suna iya ba da abin da bai kai kashi 1 ba.

Tushen kuskuren shi ne sabo da sauran hanyoyin dozaji. In ana aiki da mai canza launi, ko ana bin pH, duk labarin yana kusa da daidaito: nan ake rage hannu, ana ɗiga sud ɗigo-ɗigo. A hanyar kondiktimeta ba haka ba ne. Ɗigogin da ke nesa da daidaito su ne masu ɗauke da amsar, na kusa da ita su ne abin tuhuma.

Kalmomi huɗu za mu yi ta amfani da su. Kondiktibite, wadda muke rubutawa σ, ita ce iyawar ruwa ta barin lantarki ya ratsa shi; na'urar da ke auna ta ita ce kondiktimeta, kuma awonta mS/cm ne. Kauri shi ne yawan mol na abu a cikin lita ɗaya. Daidaito shi ne lokacin da sud da aka zuba ya kai daidai abin da zai cinye asid duka, ba ragi ba ƙari. Yawan sud na wannan lokaci muna kiran shi V_E. Karkata kuma ita ce yadda layi ke hawa ko sauka, wato canjin σ a kan kowace mililita ta sud.

2. Abin da ke karya kurbu

Lantarki ba ya ratsa ruwa sai ta kan iyon, kuma iyon ba su da sauri ɗaya. Friedrich Kohlrausch ya nuna, cikin shekarun 1870, cewa a ruwan da aka tsarma sosai kowane iyon yana ba da rabonsa ba tare da la'akari da abokin tafiyarsa ba. Saboda haka σ jimla ce: a ɗauki kaurin kowane iyon, a ninka shi da wata lamba tasa ta kansa mai suna λ, a tara. Iyon huɗu kaɗai ne suka dame mu a nan, kuma ga lambobinsu a zafin digiri 25, cikin mS·m²/mol:

H₃O⁺ : 35,0
HO⁻ : 19,9
Cl⁻ : 7,6
Na⁺ : 5,0

Biyu na sama sun yi wa sauran nisa. Dalili shi ne ba sa buƙatar kutsawa ta cikin ruwa kamar yadda Na⁺ ke yi. Furoton yana tsallakawa ne daga ƙwayar ruwa zuwa maƙwabciyarta, kamar yadda ake miƙa bulo hannu zuwa hannu wurin gini maimakon mutum ɗaya ya ɗauka ya yi ta kai-da-kawo. Wannan bambanci shi ne jarin hanyar duka. Da iyon huɗun sauri ɗaya gare su, da layin farko ya kwanta, ba za a ga V ba.

Da farko a cikin beshe akwai H₃O⁺ da Cl⁻. Duk lokacin da aka zuba sud, HO⁻ da ya shigo yana haɗuwa da H₃O⁺ su zama ruwa:

H₃O⁺ + HO⁻ → 2 H₂O

Na⁺ kuwa ya zauna. Ke nan kowane mol na sud yana fitar da iyon mai 35,0 ya sa mai 5,0 a gurbinsa. Yawan iyon bai canza ba, amma σ ta ragu da 30,0 a kowane mol. Tunda ragin iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, abin da ake samu miƙaƙƙen layi ne mai sauka.

Bayan daidaito babu sauran H₃O⁺ da za a cinye. Abin da aka zuba duka yana zama, Na⁺ da HO⁻, sai σ ta ƙaru da 5,0 + 19,9 = 24,9 a kowane mol. Wannan ma miƙaƙƙen layi ne, mai hawa. Cl⁻ bai shiga komai ba, yana nan yadda yake.

Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe daga nan. Na farko, karyewar kurbu ba awo ba ce da na'ura za ta nuna a fuskarta. Wuri ne da dokar layi na farko ta ƙare, ta na biyu ta fara, kuma ba lalle ba ne a ce wani daga cikin awonmu ya faɗa daidai kansa. Na biyu, layukan ba su da karkata ɗaya. Saukar ta fi hawan tsanani, kuma in aka raba 30,0 da 24,9 ana samun 1,2. Wannan lamba za ta yi mana amfani a gaba, don ita ce ma'aunin da ke gaya mana ko kurbu lafiya take.

A gindin V ɗin, σ ba ta kai sifili ba, domin ruwan da ke cikin beshe a lokacin ruwan gishiri ne, Na⁺ da Cl⁻.

3. Yadda ake aikin

Ana ɗibar mililita 10,0 na asid da pipet a zuba a babban beshe, a ƙara ruwan distile mililita 190. Awon asid dole ya zama daidai, don a kansa lissafi ya dogara. Awon ruwa ba ya shiga lissafin kaurin asid, tunda ruwa bai ƙara mol ko ɗaya ba, amma a rubuta shi, za a neme shi wurin gyaran tsarmawa. Ana cika biret da sud mai kaurin da aka sani, a nan 0,100 mol/L, a fitar da iskar da ke maƙale a bakinta.

Selil ɗin kondiktimeta ƙananan faranti biyu ne masu fuskantar juna, kuma na'urar tana aika musu lantarki mai juyawa don kada ruwan ya rabu a kansu. A wanke shi da ruwan distile, a nitsar da shi har farantan su ɓace cikin ruwa, a ɗan girgiza shi don kumfar iska ta fita. A ɗaure shi wuri ɗaya, nesa da bangon beshe da kuma sandar maganaɗisu mai motsa ruwa, kada a sake taɓa shi har a gama. In an ɗaga shi ko an matsar da shi a tsakiyar aiki, ɗigogin da suka biyo baya sukan yi tsalle duka tare, a ga tsani a cikin layi.

Ana zuba sud mililita 1 ko 2 a kowane karo, a motsa, a jira lamba ta tsaya, a rubuta. Ba a rage hannu kusa da daidaito. Abin da ake buƙata shi ne a wuce shi da nisa, har kusan ninki biyu na V_E, don layi na biyu ya samu ɗigogi daidai da na farko. Ɗaliban da suka ga lamba ta fara hawa suka ƙara awo biyu suka rufe biret, sun bar kansu da layi mai ƙafa ɗaya.

Akwai tambayar da ake yawan yi mana: in ba a daidaita na'ura da ruwan KCl ba, aikin ya ɓaci? Ruwan KCl mai kaurin 0,0100 mol/L yana ba da 1,413 mS/cm a digiri 25, kuma da shi ake daidaita selil in ana son σ ta gaskiya. Amma don neman V_E ba a buƙatar wannan. In selil yana ƙara kashi 10 cikin 100 a kan kowane awo, layukan biyu sun miƙe tare zuwa sama, mahaɗarsu tana nan a mililita ɗinta. Shi ya sa tsohuwar na'ura ma tana iya wannan dozaji, muddin ba ta yawo da kanta.

4. Misali da lissafinsa

Lambobin da ke tafe mun lissafa su ne daga λ na sashe na 2, muka tsaya a lamba biyu bayan waƙafi kamar yadda na'ura za ta nuna. A labo za a ga sun ɗan gaza haka da kashi kaɗan cikin 100, saboda λ ɗin na ruwa ne mai matuƙar tsarmi, amma siffar ba ta canzawa. V yawan sud ne cikin mL, σ abin da aka karanta, σ' kuma abin da aka samu bayan gyaran da za mu bayyana yanzu.

| V | σ | σ' |
|---|---|---|
| 0 | 2,22 | 2,22 |
| 2 | 1,90 | 1,92 |
| 4 | 1,58 | 1,61 |
| 6 | 1,28 | 1,32 |
| 8 | 0,98 | 1,02 |
| 10 | 0,68 | 0,71 |
| 12 | 0,81 | 0,86 |
| 14 | 1,03 | 1,10 |
| 16 | 1,25 | 1,35 |
| 18 | 1,47 | 1,60 |
| 20 | 1,68 | 1,85 |

Mai neman ɗigo mafi ƙasa zai tsaya a V = 10, ya rubuta cewa kaurin asid 0,100 mol/L ne. Lambar ta yi kyau a ido, ta yi kama da ta sud, sai ya ƙara yarda da ita. Bari mu ga abin da layuka suka ce.

Kafin a ja su akwai gyara ɗaya. A sashe na 2 mun yi magana kamar ruwan beshe ba ya ƙaruwa, alhali kowace mililita ta sud tana ƙara shi, tana tsarma duk iyon da ke ciki. A ƙarshen aiki mililita 200 sun zama 220. Don a maido da kowane awo kamar a ce ruwan bai ƙaru ba, ana ninka shi haka:

σ' = σ × (V₀ + V) / V₀

V₀ shi ne ruwan farko, mililita 200. A V = 16, misali, 1,25 × 216 / 200 = 1,35.

Yanzu a zuba σ' a layin tsaye, V a layin kwance. A ɗora regil mai gani-ta-ciki a kan ɗigogin hagu, a nemi layin da ya bar su kusa da shi ta kowane gefe, a ja shi ya zarce ƙasa. A yi haka da na dama. Ba a tilasta wa layi ya bi ta ɗigon gindi. In muka ɗauki ɗigon V = 2 da na V = 8, σ' ta sauka da 0,90 cikin mililita 6, karkata ke nan 0,150 zuwa ƙasa:

σ' = 2,22 − 0,150 V

A dama, daga V = 12 zuwa V = 20, ta hau da 0,99 cikin mililita 8, wato 0,124:

σ' = 0,124 V − 0,63

A mahaɗa σ' ɗaya ce, don haka 2,22 + 0,63 = (0,150 + 0,124) V, wato V_E = 2,85 / 0,274 = 10,4 mL. Tunda mol ɗaya na sud yana cinye mol ɗaya na asid,

C_A = C_B × V_E / V_A = 0,100 × 10,4 / 10,0 = 0,104 mol/L

A lura V_A mililita 10,0 ne na pipet, ba 200 na beshe ba. Wannan ma tarko ne da ke kama mutane, su sami amsar da ta gaza sau ashirin. Bambancin 0,100 da 0,104 shi ne kashi 4 cikin 100 da muka ambata da farko, kuma babu wani awo a tebur da ke nuna 10,4. Layukan ne suka haifar da shi.

Kafin a rufe rahoto ana yi wa kurbu tambayoyi biyu. Ta farko: nawa ne rabon karkata? 0,150 / 0,124 = 1,21, ya yi daidai da 1,2 da muke jira. Ta biyu: tsayin mahaɗa ya yi daidai da na ruwan gishiri? Layin farko ya ba da 2,22 − 0,150 × 10,4 = 0,66 mS/cm. Milimol 1,04 na NaCl cikin mililita 200 kauri ne na 5,2 mol/m³, a ninka da 5,0 + 7,6 = 12,6 a sami 65,5 mS/m, wato 0,66 mS/cm. Sun haɗu. Wannan tambaya ta biyu tana buƙatar na'urar da aka daidaita. Ta farko ba ta buƙata, shi ya sa muka fi dogara da ita.

Me zai faru in ba a yi gyaran tsarmawa ba? In aka ja layuka ta ɗigogin nan guda huɗu da σ yadda take, mahaɗa tana faɗawa a 10,3 mL, kuskuren kashi 1 cikin 100, rabon karkata kuma ya tashi zuwa 1,4. Ana iya haƙuri da wannan a aikin shekarar farko. Amma a ce don tattalin ruwan distile an tsaya a V₀ = 50 mL. Lissafi iri ɗaya yana ba da 10,1 mL, kuskuren kashi 3, kuma layukan sun lanƙwashe har regil ba ta zama a kansu. Kowane ɗalibi zai sami tasa mahaɗar gwargwadon ɗigogin da ya zaɓa. Ga dalilin ƙara ruwa mai yawa ke nan, ba wai don selil ya nitse kaɗai ba. Wata hanyar ita ce a sa sud mai kauri ninki goma na abin da ke cikin beshe ko fiye, don abin da za a zuba ya zama kaɗan. A ra'ayinmu gyaran ba shi da wahalar da za a tsallake shi: ginshiƙi ɗaya ne a tebur.

5. In gindin V ya yi faɗi

A ka'ida, karyewar asid mai ƙarfi da baz mai ƙarfi kaifi gare ta. Iyon da ruwa ke bayarwa da kansa a daidaito suna kawo 0,055 µS/cm ne kawai a digiri 25, a gefen 660 na gishirin, ba abin da ido zai gani. Saboda haka in gindin kurbu ya zagaye ko ya kwanta a kan mililita ɗaya ko biyu, kada a ce haka hanyar take. Wani abu ne ya shiga beshe, kuma mafi yawan lokaci iskar CO₂ ce.

Sud yana shan CO₂ daga iska, a kwalbar da ba a rufe ba ko a biret da aka cika tun jiya, ya mai da wani sashe na HO⁻ zuwa karbonat. Kwalbar da aka bari a buɗe tana komawa a hankali dangin kanwa, wadda ita ma karbonat ɗin sodiyom ce akasari. Farin ɓawon da ake gani a bakin murfi shi ne shaida. Abin da ke rikitarwa shi ne layin farko ba ya nuna komai. Muddin asid ya yi rinjaye, karbonat ɗaya yana cinye H₃O⁺ biyu, daidai da HO⁻ biyun da ya maye gurbinsu, sai ya zama CO₂ narkakke ya zauna shiru cikin ruwa. Da asid mai ƙarfi ya ƙare, HO⁻ da ke shigowa ba ya zama. CO₂ ɗin nan ne ke kama shi ya zama HCO₃⁻, wanda λ ɗinsa wajen 4,5 ne. Sai σ ta riƙa hawa da 5,0 + 4,5 = 9,5 maimakon 24,9, a sami gajeren layi mai hawa a hankali tsakanin manyan biyun. Layi na biyu, in ya zo, yana ƙasa da inda ya kamata kuma karkatarsa ta ragu, don haka mahaɗa ta gusa dama, a ba asid kaurin da ba shi da shi. Alamun su ne gindi mai faɗi da rabon karkata da ya wuce 1,2 ko bayan gyaran tsarmawa. Magani a haɗa sud sabo da ruwan da aka tafasa aka huce a rufe, a tabbatar da kaurinsa, kada kuma a bar motsawa ta yi ƙarfi har tana jawo iska cikin ruwa. In faɗin gindin kaɗan ne, ya isa a bar ɗigogin da ke kusa da shi a ja layuka da na nesa. In ya ci mililita biyu, a sake aikin.

Ruwan da aka tsarma da shi ma yana iya yin ɓarna, kuma tasa ta fi muni. In ruwan distile ya ƙare aka ce a yi da na famfo ko na rijiya, tunda "ruwa ba ya shiga lissafi", an manta cewa wannan magana ta ruwa mai tsabta ce. Gishirin da ba ya amsa asid ɗaga kurbu kawai yake yi sama, bai gusar da mahaɗa ba. Bikarbonat kuwa yana cin asid tun kafin a buɗe biret. A ce ruwan yana da milimol 2 na HCO₃⁻ a lita: mililita 190 sun kawo milimol 0,38, fiye da sulusin milimol 1,04 na asid ɗinmu. Kurbu za ta fara daga ƙasa da yadda aka zata, layin farko ya karye da wuri, wajen 6,6 mL, sannan dogon layi mai hawa a hankali ya biyo. Wanda ya ga kurbu mai layuka uku ya san ba asid mai ƙarfi kaɗai ke cikin beshe ba. Irin wannan siffa ake samu kuma in asid mai rauni, kamar asetik, ya gauraya da samfurin.

6. Zafi

Kondiktibite tana ƙaruwa da wajen kashi 2 cikin 100 a kowane digiri. A labo da ke Yamai ko Maraɗi cikin watan Afrilu, inda zafin rana kan wuce digiri 40, ba wanda zai sami lambobin tebur ɗinmu. Duka za su fi haka da yawa. Wannan ba matsala ba ce ga V_E, bisa dalilin da muka bayar game da daidaita selil: in zafin bai canza ba daga farko zuwa ƙarshe, mahaɗa ba ta gusawa ta yadda za a lura. Rabon karkata yana ɗan canzawa kaɗan, saboda H₃O⁺ ba ya ƙaruwa da zafi da saurin sauran iyon, don haka 1,2 ma'auni ne na kusa, ba na tsantsa ba.

Abin tsoro shi ne zafin da ke tafiya lokacin da ake cikin aiki. Ruwan distile da aka ɗauko daga ɗaki mai sanyi aka kawo ɗaki mai zafi, beshe da rana ke bugawa ta taga, injin motsawa da ke ɗumama ta ƙasa, ko wutar lantarki ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya: kowane ɗaya na iya ƙara digiri 3 cikin rabin awa, wato kashi 6 cikin 100 a kan ɗigogin ƙarshe da babu shi a kan na farko. Layi na biyu sai ya miƙe fiye da ƙa'ida, rabon karkata ya faɗo ƙasa da 1,2. Ana gane wannan da sauƙi: a daina zuba sud minti biyu ko uku a kalli na'ura. In lamba tana ci gaba da hawa a hankali, zafi ne ke tura ta. Zafin da haɗuwar asid da baz ke fitarwa ba shi ne mai laifi ba. Wajen kilojul 57 ne a kowane mol, wato jul 60 a misalinmu, abin da ba ya ɗaga mililita 200 na ruwa da ko kashi ɗaya cikin goma na digiri.

Na'urori da yawa suna da gyaran zafi na kansu, suna mai da awo kamar a digiri 25 da lamba ɗaya, galibi kusa da kashi 2 cikin 100. Lambar ta dace da ruwan gishiri, ba ta dace sosai da ruwan asid ba, don haka tana rage matsalar ne ba ta kawar da ita. Mun fi son a ajiye asid, sud da ruwan distile a ɗakin aikin tun awa ɗaya kafin a fara, a sa kwali tsakanin beshe da injin motsawa, a rubuta zafin ruwan a farko da ƙarshe a gefen tebur. In bambancin ya wuce digiri 1, a faɗe shi a rahoto kusa da V_E.